Hatsi a Rumbu, Tuwo a Akushi: Rataye da Amfaninsa a Kundin Bincike

Wata ranar Asabar da hantsi ɗiyar yayata ta yi sallama a gidana, rungume da wani tulin takardu da aka ɗaure da roba. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, lokacin rubuta kundin digiri ya zo, kuma malamin da ke duba aikinta ya dawo mata da babi na huɗu da jan biro a saman shafin farko: "Ya yi yawa, a kai rataye." Ta ajiye takardun a kan tabarma, muryarta na rawa, ta ce, "Kawu, don Allah a duba min. Wata uku na yi ina yawo gida gida kafin na tara wannan, yanzu an ce in cire."

Na gane abin da ya taɓa mata zuciya. A ganinta, kai abu rataye daidai yake da jefa shi bayan gida. Ɗalibai da yawa haka suke ɗauka, shi ya sa suke cusa duk abin da suka tara a tsakiyar kundi, don kada a ce ba su yi aiki ba.

Bincikenta a kan adashe ne: me ya sa matan wata unguwa suka fi son zubi a hannun uwar adashe a kan ajiya a banki. Ta yi wa mata 120 tambayoyi 24 kowacce, ta kuma zauna ta yi doguwar hira da iyayen adashe shida. Da na ƙirga babin, shafi 41 ne. Shida daga ciki takardar tambayoyin ce, ta Ingilishi da ta Hausa. Takwas kuma wani ƙaton jadawali ne mai layi 120, kowace mace da layinta, amsoshi 2,880 jere kamar tururuwa. Sha huɗu hirarrakin ne, kalma da kalma, har da gaisuwa da "ina gajiya". Shafi 13 kacal ne nata na kanta, inda take faɗin abin da ta gano, kuma a warwatse suke tsakanin tarkacen. Sai ka wuce shafi ashirin kafin ka ci karo da jimlar farko da ke cewa ga dalilin da matan suka bayar.

Na ce mata, "Idan kika yi baƙo, damin gero kike dire masa a gaba?" Ta ce a'a. Baƙo tuwo ake kai masa a akushi. Amma gidan da ke tuƙa tuwo dole yana da rumbu, kuma in baƙon ya yi shakkar hatsin, sai a kai shi ya leƙa. Rataye shi ne rumbun kundi. Sashe ne da ake ajiyewa a ƙarshe, bayan manazarta, don hujjojin da suka yi nauyi a shigar da su cikin bayani, amma ba za a iya zubar da su ba, domin a kansu aikin yake tsaye.

Me zai tafi, me zai zauna

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne. Ka ɗora hannu a kan abin, ka rufe shi, ka karanta abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. Idan mai karatu zai fahimci maganarka ba tare da shi ba, sai dai in yana son ya tabbatar, to wurinsa rataye. Idan kuwa rufe shi ya sa maganar ta yanke, to wurinsa cikin babi.

Da wannan muka bi babin shafi shafi. Jadawalin nan mai layi 120 bai ɗauke mu minti ɗaya ba. Babu mahaluƙin da zai karanta amsoshi 2,880 ya fito da ma'ana. Abin da mai karatu ke bukata shi ne taƙaitaccen jadawali mai layi huɗu ko biyar: mata nawa suka ce kaza, nawa suka ce kaza. Wannan ƙaramin shi ne tuwon, ya zauna a babi na huɗu. Babban ya tafi rumbu.

Hirarrakin ne suka ja mu da gardama. Tana son su ƙwarai, kuma da gaskiyarta, domin a ciki akwai maganganu masu daɗi da nauyi. Muka daidaita a kan cewa daga kowace hira za ta zaɓo jimla biyu ko uku da suka fi buga ƙusa a kai, ta sa su a babi a daidai wurin da take tattauna batun, cikakkiyar hirar kuma ta koma baya.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne takardar tambayoyi. Gaba ɗayanta rataye za ta, wannan ba gardama. Amma akwai tambayar da sakamakon bincike ya rataya a kanta, kuma irin wannan dole a kawo lafazinta a cikin babi. Dalili kuwa, yadda aka yi tambaya yana juya amsa. Wanda ya ce wa mace "Me ya sa kika fi son adashe?" da wanda ya ce mata "Ashe ba wahalar banki ce ta sa kike adashe ba?" ba za su samu amsa iri ɗaya ba, domin na biyun ya riga ya sa mata magana a baki. Idan aka binne lafazin tambayar a shafi na tamanin, mai karatu zai ga alƙaluma ya gaskata su ba tare da ya san yadda aka same su ba. Don haka tambayarta ta 14, wadda ita ce zuciyar aikin, muka rubuta ta ɓaro-ɓaro a saman jadawalin da ke nuna amsoshinta.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. An ce musu kundi kada ya wuce shafi kaza, sai su kwashe ainihin sakamakon su kai rataye, babin ya zama ba komai sai "duba can, duba can". Wannan ya fi na ɗiyata muni. Mai jarrabawa ba dole ne ya karanta rataye ba, kuma abin da ka ɓoye a can kamar ba ka faɗa ba ne.

Suna da jeri

Rumbu biyar a gida ɗaya, in ba a san na gero da na dawa ba, wahala ce. Kowane rataye abu ɗaya ake sa masa, ya fara a sabon shafi, ya samu lamba ko harafi, sannan ya samu take da ke faɗin abin da ke ciki. Sassa da yawa na ilimi da nazarin zamantakewa a jami'o'inmu suna bin tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. A wannan tsari, in ratayen ɗaya ne sai a rubuta `Appendix` kawai. In sun fi ɗaya sai a ba su haruffa, `Appendix A`, `Appendix B`, a jera su bisa yadda aka fara ambatonsu a cikin kundin, kuma kowanne dole a ambace shi aƙalla sau ɗaya. Jadawalin da ke cikin rataye yana ɗaukar harafin gidansu: na farko a rataye na huɗu shi ne `Table D1`, na biyu `Table D2`, don kada su cakuɗe da jadawalan cikin babi. A kundin da aka rubuta da Hausa na fi son lamba, Rataye na 1, Rataye na 2, saboda haruffanmu suna da Ɓ da Ɗ, kuma in aka ce za a bi su sai a rikita mai nema. Amma fa in sashenku yana da ƙa'idarsa a rubuce, ita ce gaba da kowace.

Kundin ɗiyata da Ingilishi ne, don haka haruffa muka bi. A babi na uku, inda take bayanin hanyoyin bincike, ta fara ambaton takardar tambayoyi, sai ta Ingilishi ta zama A, ta Hausa ta zama B. Takardar neman yardar matan ta zama C. Ɗanyen bayanan da aka fara ambata a babi na huɗu suka zama D, hirarraki suka zama E. Duka biyar ɗin suka shiga shafin ƙumshiya da takensu da lambar shafinsu, kuma lambobin shafi suka ci gaba daga inda manazarta ta tsaya, ba a koma ɗaya ba.

Ta tambaye ni ko ta Ingilishi kaɗai ba ta isa ba, tunda da shi aka rubuta kundin. Ba ta isa ba. Matan nan da Hausa aka tambaye su, don haka takardar Hausa ita ce ainihin abin da aka yi aiki da shi. Kalma ɗaya ta Ingilishi tana iya zama "ajiya" ko "asusu" ko "tari" a bakin mai fassara, kuma ba abu ɗaya mace za ta fahimta da su ba. Mai jarrabawar da ya iya harsunan biyu yana da haƙƙin ya ajiye su gefe da gefe ya gani.

Nuni da ɗan yatsa

A nan ne ake yawan faɗuwa, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Kai abu rataye rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne nuna hanyarsa.

In baƙo ya tambaye ka gidan wane a cikin birnin Kano ka ce masa "yana cikin gari", ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka taimake shi ba. Haka "duba rataye" take a kundi mai rataye biyar da shafi talatin. Nuni mai kyau abu uku yake yi: ya faɗi abin da aka gano a cikin jimlar kanta, ya ambaci ratayen da sunansa, ya kuma kai mai karatu har ƙofar ɗakin, wato lambar tambaya, ko ta jadawali, ko ta shafi.

Ga yadda ta fara rubuta wata jimla, na mayar da ita Hausa: "Game da dalilan matan, duba rataye." Ga yadda ta koma bayan gyara: "Mata 78 sun ce babban dalilinsu shi ne adashe yana ba su dunƙulallen kuɗi a lokaci ɗaya (Rataye B, tambaya ta 14; amsar kowace mace tana Jadawali D2)." Wanda ya yarda da ita ya wuce abinsa, bai rasa komai ba. Wanda bai yarda ba, cikin daƙiƙa kaɗan ya isa wurin ya ƙirga da kansa.

Haka muka yi da hirarrakin. Kowace uwar adashe ta samu lamba, ta 1 zuwa ta 6, kuma duk maganar da aka ɗauko aka bi ta da nuni: "Uwar adashe ta 3, Rataye E, shafi na 92." Wannan yana kare mai bincike daga zargin cewa ya yanko magana daga tsakiya ya juya ma'anarta, domin ga abin da matar ta faɗa kafin nan da bayan nan.

Wurin nunin ma yana da ƙa'ida. Ana sa shi ne a daidai inda mai karatu zai fara tambayar kansa "a ina ta samo wannan?" Ba a tara nune-nune a ƙarshen babi ba, ba a kuma maimaita nuni ɗaya a kowace jimla har ya gundure shi.

Abin da rumbun ya tona

Muna cikin gwada nune-nunen ɗaya bayan ɗaya sai muka ci karo da abu biyu da ba don ratayen ba da ba mu gan su ba.

Na bi nunin nan zuwa tambaya ta 14 a Rataye B, sai na tarar da wata tambaya daban, a kan ko matar ta taɓa buɗe asusu a banki. Tambayar dalili tana lamba ta 15. Ɗiyata ta yi shiru, can ta tuna. Kafin ta shiga aiki sosai ta gwada takardar a kan mata goma, ta ga duk suna nauyin amsa tambaya ta 9, wadda ta shafi samun maigida, sai ta cire ta. Tambayoyi 25 suka koma 24, kuma duk wadda ke bayan ta 9 ta matso da lamba ɗaya. Tsohuwar takardar ce ta liƙa a kundin, ba wadda matan suka amsa ba. Da an tafi a haka, nuni goma sha shida da sun kai mai karatu ƙofar da ba ita ba. Gane wannan kuskure ba wuya: a ƙirga tambayoyin da ke rataye, a ƙirga ginshiƙan amsa da ke jadawalin ɗanyen bayanai. In ba su zo ɗaya ba, akwai magana.

Na biyun ya fi wannan nauyi. Ta rubuta cewa mata 78 ɗin nan su ne kashi 65 cikin ɗari, wato ta raba 78 da 120. Da muka bi ginshiƙin tambaya ta 14 da ɗan yatsa, muka ga mata shida ba su amsa ta ba sam. Waɗanda suka amsa 114 ne, kuma 78 cikin 114 ya haura kashi 68 da ɗan kaɗan. Duka lissafin biyu ana iya kare su, amma dole a faɗa wa mai karatu da wanne aka yi. Ta ƙara layi ɗaya a ƙasan jadawalin babi na huɗu: waɗanda suka amsa 114, waɗanda ba su amsa ba 6.

Wannan ya kawo mu ga mabuɗi. Ɗanyen bayanai lambobi ne zalla: 1, 3, 2, 99. Ita ta san 1 tana nufin "dunƙulallen kuɗi", 2 "kusanci da gida", 99 kuma "ba ta amsa ba". Wani bai sani ba, ita ma kanta bayan shekara biyu ba za ta tuna ba. Jadawalin da ba shi da mabuɗi rumbu ne da aka kulle aka jefa makullin rijiya. Saboda haka Jadawali D1 ya zama mabuɗi, shafi ɗaya da ke fassara kowace lamba, sannan D2 ya biyo da bayanan. Kuma tunda D2 ya ratsa shafi takwas, muka sa kan jadawalin ya maimaitu a saman kowane shafi, don wanda ke shafi na shida ya san ginshiƙin da yake kallo.

Amanar waɗanda suka ba ka amsa

Akwai abin da ba ya shiga babi, ba ya shiga rataye. A jadawalinta na asali akwai sunan kowace mace, da lambar wayarta, da nawa take zubawa a mako. Kundi kuwa ɗakin karatu yake zuwa, wani lokaci har a ɗora shi a intanet. Matar da ta gaya maka sirrin kuɗinta, wataƙila ko mijinta bai san adadin ba, ba don ta ga sunanta a kan kanta a laburare ta gaya maka ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma tun kafin doka akwai amana.

Muka goge sunaye da lambobin waya, kowace mace ta zama lamba, 001 zuwa 120. Takardar neman yarda, wadda ba a cike ba ita muka sa a Rataye C. Waɗanda aka sa wa hannu ko aka dangwala wa yatsa suna wurinta a kulle. Sai kuma abin da ake yawan mantawa: goge suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. A hira ta biyu matar ta ambaci cewa ita matar mai unguwa ce kuma tana sayar da atamfa. Duk ɗan unguwar ya san ta. Muka cire wannan jimla, muka rubuta a wurin cewa an cire bayani don kare mai magana, domin mai karatu ya san an taɓa wurin.

Idan bayanan sun yi yawan da buga su zai zama ɓarnar takarda, misali mutum dubu da tambayoyi sittin, ba dole ne a buga duka ba. Ana iya sa mabuɗi da shafin farko a matsayin samfuri, a faɗi a fili inda cikakken fayil ɗin yake da yadda za a same shi, bayan an nemi yardar mai duba aiki.

Kafin a kai wurin ɗauri

Lambobin rataye da na jadawali suna motsi duk lokacin da aka ƙara ko aka rage wani abu, kuma wanda ya buga su da hannu sai ya bi su ɗaya ɗaya. A manhajar Word akwai sauƙi. A ƙarƙashin `References` ana sa wa jadawali lamba da `Insert Caption`, ana kuma saka nuni da `Cross-reference`. In an gama gyara sai a danna `Ctrl+A` sannan `F9`, lambobin su daidaita kansu. Idan aka goge jadawalin da nuni ke kallo, wannan rubutu zai fito a wurin:

```
Error! Reference source not found.
```

Na sha ganinsa a kundin da aka riga aka ɗaure da baƙar fata da ruwan zinare. A neme shi da `Ctrl+F` kafin a buga.

Da ko ba da wannan dabara ba, gwajin ƙarshe da hannu ake yin sa, kuma tafiya biyu ce. Ta farko daga babi zuwa baya: duk inda aka ambaci rataye, a buɗe wurin a ga abin yana nan kuwa. Ta biyu daga baya zuwa babi: kowane rataye, a nemo jimlar da ta kira shi. Wanda ba a samu mai kiransa ba, ko dai an manta da nuninsa a saka, ko kuwa ba shi da aiki a cire shi. Ɗiyata tana da hotuna tara na kasuwar unguwar da ta so ta sa a matsayin rataye na shida. Babu jimla ko ɗaya a kundin da ke bukatarsu, suka zauna a wayarta.

Sai bayan la'asar muka tashi. Babi na huɗu ya dawo shafi 15, domin bayan an kwashe 28 ta ga gurabe biyu da bayaninta ya yi ƙaranci, ta ƙara. Daga wata ukun da ta yi tana yawo babu amsa ko ɗaya da ta ɓata, kowacce tana inda za a same ta.

Roƙona ga malamai masu duba kundi: idan za ku rubuta wa ɗalibi "a kai rataye", ku ƙara masa minti goma ku buɗe nuni ɗaya tare da shi, ku bi shi har shafin da ya nuna. Yawancinsu ba a taɓa nuna musu ba.